Sunan wa na riƙe bayan kallo?

A shekarar 2022 na kalli wani shirin Netflix mai kashi uku, wanda aka gina a kan kaset-kaset na muryar Jeffrey Dahmer, mutumin da ya kashe maza 17 a Amurka tsakanin 1978 da 1991. Washegari na tarar na haddace yadda yake yaudarar mutane zuwa ɗakinsa, amma na kasa kawo sunan mamaci ko ɗaya. Abin ya ba ni kunya, domin kowannensu ɗan wani ne.

Tun daga nan, kafin in zauna kallo, nakan fara duba tallar shirin. Idan fuskar makashi da muryarsa suka cika ta, ga kiɗan tsoratarwa, sai in wuce.

The Keepers na 2017 ya tsallake wannan gwaji. Labarin Cathy Cesnik ne, malamar makaranta a Baltimore da ta ɓace a 1969, daga baya aka tsinci gawarta. Tsofaffin ɗalibanta mata ne ke jan binciken, su ne kuma ke magana. Har aka kammala ba a tabbatar da wanda ya kashe ta ba, kuma na san masu son a ƙare da kamu za su ji haushin haka. Ni dai har yau ina riƙe da sunanta.