Buƙata Ɗaya, Wasiƙu Huɗu

Mu Hausawa mun tashi da wasiƙar da ke buɗewa da "bayan gaisuwa mai tarin yawa", sannan a gangaro kan buƙata sannu a hankali. Wannan ladabi ne, amma shekarun da na yi ina taya ƙungiyoyin unguwarmu rubutu sun nuna mini cewa kowane ofis da irin ladabin da yake ji, ko da Turanci aka rubuta takardar.

A ce ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli na neman injin matse gyaɗa na naira miliyan 2. Jami'in banki tambaya ɗaya ce a ransa: ta ina kuɗin zai dawo? Don haka wasiƙar ta fito da lambar asusu, adadin rance, wa'adin wata 12, cinikin da za a riƙa biya daga cikinsa, da jingina. Sa hannu kuwa ya dace da wanda bankin ke riƙe da shi. Duk jimlar da ta ambaci halin ƙunci illa ce a nan, domin mai karatu zai ɗauke ta shaidar cewa biya zai yi wuya.

Ƙuncin da aka ɓoye wa banki shi hukumar agaji ke son gani, amma a ƙidaye, ba cikin kuka ba: mata nawa ne, awa nawa suke kwashewa suna matsa da hannu, me zai sauya cikin shekara, kuma yaya za a auna shi. Jami'arta ma rahoto take rubuta wa masu ba su kuɗi. Jimlar da za ta iya ɗauka ta saka a ciki ta fi mata "ku dubi girman Allah" amfani.

Sabon kamfanin fasaha bai da wuyar sha'ani. A waya za a karanta saƙon, sai a taƙaita: ga abin da muke sarrafawa, ga ribar da ke ciki gare ku, yaushe za mu zanta?

Ma'aikatar gwamnati ce ta fi buƙatar natsuwa. Kwamishina ko Babban Sakatare ake rubuta wa, da cikakken muƙaminsa, amma ba shi zai fara gani ba. Takardar za ta bi ta rajista, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil, jami'ai su yi ta rubuta tsokaci suna miƙawa gaba. Saboda haka take buƙatar kanu bayyananne da batu guda tak. Wadda ta haɗa neman inji da ƙorafin hanya ba ta da teburin da za ta sauka. Ana girmamawa ba tare da kirari ba, a ambaci shirin ma'aikatar da buƙatar ta shiga ƙarƙashinsa, domin jami'i ya sami madogarar amincewa. Ni kan tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa in dawo da shi, saboda da kwanan watan da ke jikinsa za a buɗe wasiƙar tuni.