Wasan da ya cinye mini kuɗin waya

Ɗiyata tana da shekara bakwai, tana aji biyu na firamare a nan Maraɗi. Da hutun da ya wuce na sauke mata wani wasan haruffa a wayata, don an rubuta kyauta ne. Bayan kwana goma na lura kuɗin kira na jika guda da na sa sun ƙare, alhali ban kira kowa ba. Da na binciki saƙonni sai na gane abin da ya faru: talla ta fito tsakiyar wasa, yarinya ta danna babban maɓalli kore, aka shigar da lambata wani tsari mai cire dala ashirin kullum. Ban yi mata faɗa ba. Wanda bai iya karatu ba tukuna, ina zai bambance maɓallin wasa da na talla?

Tun daga nan, kafin in sauke wasa a Play Store nakan duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunansa. In na ga « Contient des annonces », akwai talla. In na ga « Achats via l'application », akwai abin sayarwa a ciki. Ko ɗaya na gani, sai in wuce.

Daga nan sai in yi wasan da kaina na minti goma, intanet a buɗe. Da farko a « Mode avion » nake gwadawa, kuma kuskure ne, domin talla ta intanet take zuwa: in an rufe shi sai ta ɓuya, ranar da aka buɗe ta dawo. Sai wasa ya tsallake wannan gwaji nake rufe intanet in ga ko yana tafiya ba shi.

Wanda ya tsallake duka shi ne GCompris, wanda Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000. Ba talla, ba saye, kuma da zarar an sauke muryoyin Faransanci sau ɗaya, yana aiki ba intanet. Taurarin da ke jikin kowane wasa suna nuna wuyarsa. Mun fara da wanda ake faɗin harafi yaro ya danna shi, na ga tana rikita b da d, abin da ban taɓa lura da shi a littafinta ba.

Yana da iyakarsa. Wasan ciniki da yuro ake yinsa, ba da sefa ba. Shi ya sa bayan sallar magariba nakan zube mata canji a tabarma in ce: « Ƙosai na dala biyar, ga dala ashirin, nawa za ki maido mini? » Jiya ta ƙirga dala sha biyar, ta riƙe hannunta ta ce: « Baba, sai ka karɓi ƙosanka tukuna. »