Bango mai tauri ya ruɗe ni, ban duba zare ba

Kuskuren da na yi wa makarantarmu a Maiduguri guda ɗaya ne: na ɗauka ƙarfin littafi yana jikin bangonsa. Malamai ne suka haɗa kundin kalmomin kimiyya da bayaninsu cikin Hausa da Turanci, mai shafi 480, don ɗalibai su riƙa dubawa kullum, aka ɗora mini alhakin kai shi maɗaba'a. Mai maɗaba'ar bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, gam za a sa ko ɗinki za a yi? Ɗinki ya fi tsada, ya fi cin lokaci, amma irin wannan littafin shi ya fi dacewa da shi." Na ce a sa gam, a ƙara masa bango mai tauri da rubutun ruwan zinare. A lissafina na rage wa makaranta kuɗi, na kuma samo mata abu mai ƙwari. Ashe bangon ba shi ke riƙe takardu ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ba shafi-shafi ake buga littafi ba. Babbar takarda ake bugawa, a ninke ta sau uku, ta zama ƙunshi mai shafi 16. Kundinmu mai shafi 480 ƙunshi 30 ke nan. Daga nan hanya ta rabu biyu.

In ɗinki ne, ana barin ninkin yadda yake. Allura ta ratsa tsakiyar ƙunshin, zare ya kwanta cikin kwarin ninkin, ya fito ta baya ya sarƙe da ƙunshin da ke biye, har talatin ɗin su zama abu ɗaya. Sai a shafa gam kaɗan a gadon bayan, a lulluɓe da ƙyalle mai raga, a haɗa da bango. A nan babu warƙar da ke tsaye ita kaɗai. Kowace tana haɗe da 'yar'uwarta ta ɗaya ɓangaren ninkin, domin takarda ɗaya ce aka naɗe, zare kuma ya danne tsakiyarsu. Kafin warƙa ta fita, sai dai takardar ta yage ko zaren ya tsinke.

In gam ne, injin yakan aske gadon bayan, ya cinye kamar milimita biyu zuwa uku, ninkin ya tafi baki ɗaya. Ƙunshi 30 ya koma warƙa 240, kowace a ware. Sai a kankare bakin takardun don gam ya sami wurin kamawa, a shafa shi da zafinsa, a manna bango, ya huce cikin ɗan lokaci. Shi ya sa yake da sauri da araha. Amma a duba abin da ke riƙe kowace warƙa: bakinta kawai, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A kan wannan ɗan siririn bakin na ɗora littafin da yara za su buɗe safe da yamma.

Littafin labari ba ya shan wannan wahalar. Ana karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya ko biyu, a ajiye. Kundin bincike kuwa wurare ƙalilan ake yawan komawa, a shimfiɗa shi a tebur, a danna tsakiyarsa da tafin hannu don kada ya rufe, wani ma ya kife shi a kan injin hoto. Ɗinkakken littafi yana lanƙwasawa ne a ninkin takarda, don haka yakan buɗe ya kwanta da kansa. Na gam ba ya son kwanciya, sai an tilasta masa, kuma duk tilastawar a jikin gam ɗin take sauka.

Ga kuma yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, ɗakin karatunmu kuwa rufin kwano ne. Gam ɗin da zafi ya narkar a maɗaba'a, zafi yana iya sake sassauta shi. In hunturu ya zo, takarda ta bushe ta kantare, ta riƙa jan bakin da aka manna. Shekarar karatu ba ta ƙare ba kundin ya fara nuna alama. Da farko wani farin layi ya bayyana a kwarin shafukan da aka fi buɗewa, gam ne ya tsage. Daga nan littafin ya riƙa buɗewa da kansa a daidai wurin. Sai warƙa ɗaya ta zame daga ƙasa, ta leƙo ta fi sauran tsawo. Da ta fita, maƙwabtanta suka rasa abin jingina, suka bi ta. Bangon nan kuwa ko ƙwarzane babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ga wata ɗaliba tana neman kalma a harafin K, ta juya gaba ta juya baya, ba ta san shafin ya faɗi ba. Ta ɗauka ita ce ba ta iya dubawa ba. Ni na jawo mata wannan, domin an faɗa mini gaskiya ban saurara ba.

Na kwashi kofen da suka lalace na kai wa wani dattijo mai gyaran littafi. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa samansa, ya ce, "Ɗana, wannan ba shi da ninki, a ina zan sa allura?" Zaɓi biyu ya ba ni. Ko a sake aske bayan a sa sabon gam, ko a huda gefe a ɗinke daga sama zuwa ƙasa. Dukansu suna cin farin filin da ke tsakiyar littafi, har rubutu ya fara shigewa kwari, na biyun kuma yakan hana littafi buɗewa sosai. Ya ɗauko wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu da shi, ya nuna mini zaren yana nan daram. Irin wannan, in ji shi, sabon bango kawai yake bukata.

Ba na cewa gam ba shi da amfani. Mujalla, littafin labari, ko jagorar da za a sabunta baɗi, gam ya ishe su, ɗinka su ɓarnar kuɗi ce. Akwai ma gam na zamani da ake kira PUR, wanda ya fi na yau da kullum jure zafi da lanƙwasawa, sai dai ba kowace maɗaba'a ke da injinsa ba, kuma ko shi bakin warƙa yake riƙewa. Mahaddatan Borno da ke rubuta Alƙur'ani da hannu sun bi wata hanyar dabam: ba gam ba zare, warƙa-warƙa cikin fata da gafaka, da kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan warƙa don kada jerin ya rikice. Wannan ya dace da mai littafi ɗaya da ya san darajarsa, bai dace da aji mai cike da hannuwa ba.

Gane ɗinki ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ka leƙa saman littafin ta wajen gadon baya. In ka ga takardun sun jeru ƙunshi-ƙunshi, kowane da lanƙwasarsa, ninkin yana nan. In ka ga sun miƙe sumul cikin gam, an aske shi. Amma kada ka tsaya nan, domin akwai haɗin da ake barin ninkin a tsattsaga shi gam ya shiga, ba zare ko ɗaya. Ka nemi tsakiyar wani ƙunshi ka buɗe sosai, sai ka ga zaren da idonka.

Don haka, ɗan'uwa, in ƙamus za ka saya, ko littafin fiƙihu, ko na likitanci da za ka yi shekaru kana komawa gare shi, ɗinkakke ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. In kuma kai za ka kai aiki maɗaba'a, ka ce a rubuta "ɗinkin zare" a takardar ciniki, ka kuma karɓi kofe ɗaya ka duba kafin a haɗa sauran.