Ranar da Lens Ya Manne a Idon Ƙawarmu

A hutun hunturun bara muka je bikin wata ƙawarmu a Kiru, mu huɗu daga jami'a. Ɗaya daga cikinmu, 'yar Doguwa, ta sa lens mai launin toka, ɗan faifan nan mai laushi da ake liƙawa a ƙwayar ido don kwalliya. Gajiyar kamu ta sa ta kwana da shi. Da asuba sai ga ta tana kuka, na hagu ya manne ya ƙi fita.

Har ta kai farce, muka riƙe hannunta. Barci da iskar hunturu ne suka busar da lens ɗin, kuma fizgar busasshen lens na iya karce fuskar ido. Wata gwaggo ta miƙo ruwan randa, muka ce a yi haƙuri. Ruwan rijiya ko na famfo yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke cin ido, haka ma yawu.

Sai da ta wanke hannu da sabulu ta tsane shi, sannan muka ɗiga mata ruwan jiƙa ido na kemis, wanda ake kira hawayen roba. Ta lumshe ido, ta yi ta ƙiftawa, muna ƙara ɗigawa har kusan minti 10. Daga nan ta murza saman fatar idon a hankali, lens ɗin ya motsa. Ta dubi sama, ta ja shi ƙasa zuwa farin ido, ta tsinke shi da cikin yatsu biyu. Muka duba, bai yage ba. Wannan murzawar ta lens mai laushi ce kawai, mai tauri ba a murza shi.

Babban tsoronta shi ne kada ya shige bayan ido. Hakan ba ya yiwuwa, domin akwai siririyar fata da ta haɗa farin ido da cikin fatar ido. Iyakarsa ya maƙale a ƙarƙashin fatar sama, sai a dubi ƙasa a turo shi.

Mun ɗauka an gama. Amma har azahar idon yana zafi, ya yi ja, ba ta iya kallon haske. Ba mu jira gobe ba, muka kai ta asibitin ido a Kano, da lens ɗin da mazubinsa. Likita ya ce ido ya ɗan karce, ya ba da magani, ya hana ta lens da kwalli sai ta warke.

Ƙannenmu, in lens ya ƙi fita bayan an jiƙa shi sau da yawa, ko gani ya dushe, ko ido yana kwantsa, ko farin ɗigo ya fito a baƙin ido, a nemi likita a ranar. Daga Bebeji ko Tudun Wada kuɗin mota ne zuwa Kano, ido kuwa ba a sayensa a kasuwa.