Ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya: lissafinsa da hukuncinsa



Tun da aka shiga noman albasa nake ganin takardun kuɗin kaya, waɗanda muke kira faktir, a hannun masu ɗauko takin zamani bashi daga Maradi ko Ƙonni. A ƙasan wasunsu akwai layi da ƙananan haruffa na Faransanci, mai cewa duk jinkirin biya yana jawo ƙarin 1,5% a wata. Da yawa suna sa hannu ba su nemi a fassara musu ba.

Ga yadda ake lissafa shi. Mu ƙaddara kayan sefa 600.000 ne, an biya 200.000, saura 400.000, kuma wa'adi ya wuce da kwana 45. A kan saura kaɗai ake ɗora ƙarin, kuma daga washegarin wa'adi ake ƙirga kwanaki. 1,5% na 400.000 shi ne 6.000 a wata, wato 200 kowace rana in an ɗauki wata kwana 30. Kwana 45 sun zama 9.000. In aka ce maka 13.500, an lissafa ne a kan 600.000, har da abin da ka riga ka biya. In aka ce 12.000, an mayar da rabin wata cikakke. Duba ko takardar ta faɗi haka. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ka: 1,5% a wata 18% ne a shekara.

Ko babu wannan layi, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta bai wa mai sayarwa damar neman ruwa bisa adadin da doka ta ƙayyade, daga ranar da ya aika takardar gargaɗi.

Ban kawo lissafin don halatta shi ba, sai don ka iya raba uwar kuɗi da abin da aka ɗora mata. Wannan ƙari shi ne ribar jahiliyya: ko ka biya, ko bashi ya ƙaru. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta tabbatar da haramcinsa a 1990, ko an shardanta shi tun farko ko ba a shardanta ba. Amma ya halatta mai kaya ya yanke farashin bashi sama da na hannu tun wajen ciniki, muddin ba zai ƙaru da jinkiri ba. Ya nemi jingina ko mai lamuni kuma.

Kai kuwa mai bashi, Annabi (SAW) ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Wanda ya ɓoye albasa a rudu yana jiran tsada, alhali wa'adi ya cika, ba shi ne matsattsen da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa ba.

Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina: ku nemi a soke layin kafin sa hannu, a rubuta wa'adin da ya dace da lokacin cire albasa. Wanda ya riga ya sa hannu, ya tuba, ya biya kafin ranar, ko da zai sayar da buhu kaɗan da araha.

Wallahu a'alam.