Yadda nake rubuta wa ƙaramin kamfanin Umara abin da Google zai nuna wa mutane

1/ Ina yi wa wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye a Kano rubutu. Ma'aikata huɗu ne, ba kuɗin talla a rediyo. Abin da ya rage mana shi ne idan mutum ya yi bincike a waya, ya ci karo da mu. Bari in ba ku yadda nake yi, da misali guda.

2/ Ba na fara rubutu sai na san kalmomin da mutane ke bugawa. Mu a ofis muna cewa "tsarin ziyarar ƙasa mai tsarki". Ba mai buga wannan wallahi. Hajiya ko ɗanta "kudin Umara daga Kano" za su buga. Nakan leƙa tambayoyin da ake turo wa kamfanin ta WhatsApp, sannan in fara rubuta "Umara" a Google in ga abin da zai ƙarasa mini.

3/ Ku lura da rubutun kalmar: wani Umara, wani Umra, wani Umrah. Yawanci kuma a waya ba a sa ƙugiya, kuɗi ya koma kudi. Ni ina rubuta Hausa daidai, in riƙe Umara a ko'ina, sai in kawo Umrah sau ɗaya inda ya dace, kamar wajen faɗin abin da za a gani a rubuce a jikin biza.

4/ Kowane rubutu tambaya ɗaya yake amsawa. Mai tambayar kuɗi daban, mai tambayar inda zai ɗaura harami daban. In ka cusa su wuri ɗaya, ba wanda ka gamsar. Misalinmu: kuɗin Umara daga Kano.

5/ Ga yadda wasu ke rubutawa: "Kuɗin Umara daga Kano mai rahusa, mu ne gwanayen kuɗin Umara daga Kano, tuntuɓe mu don kuɗin Umara daga Kano." Haba! Ko ɗan tasha ba ya kiran mota haka. Google ma ta sa irin wannan cushe cikin abubuwan da ta hana, kuma yana iya jawo a tura ka ƙasa.

6/ Nawa taken: "Kuɗin Umara daga Kano: me da me ke ciki?" Ba na bari take ya wuce haruffa kamar 60, don in ya yi tsawo a yanke ake nuna shi. Jimlar na sake fitowa a layin farko, da ƙaramin take ɗaya. Shi ke nan, sau uku.

7/ Sauran rubutun amsa ce zalla. Kuɗin ya ƙunshi biza, tikitin jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ko Madina, masauki, da mota tsakanin garuruwan. Sai in faɗi abin da ke sa farashi ya bambanta: nisan otal da Harami, mutum nawa a ɗaki, da lokaci. Goman ƙarshe na azumi ba ɗaya ba ne da watan Safar.

8/ Kun ga kalmomi irin su biza, otal, Jidda, azumi sun shigo da kansu. Ban nemo su ba, amsar ce ta kawo su. Haka nan idan na ce fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, na taimaki mai karatu, na kuma kama mai binciken fasfo.

9/ Inda ake rasa amana: farashi. Dala na motsi, tikiti na binta. In ka sa adadi ba kwanan wata, mutum ya zo da tarin da ya yi shekaru yana yi a ce masa ya ƙaru, ɗan damfara zai ɗauke ku. Kullum ina rubuta ranar farashin, da abin da ba ya ciki, kamar abinci. Ina kuma sa adireshin ofis da lasisin NAHCON, don an sha cutar mutane a wannan harka.

10/ Ta ya zan san ya yi aiki? Bayan makonni sai in buɗe Google Search Console. In Impressions sun yi yawa, Clicks kaɗan, ana ganinmu ba a shiga, taken ne bai ja ba. In ana shiga ba a kira, amsar ce ba ta isa ba. A ƙarƙashin Queries kuma nake ganin abin da mutane suka buga, nan nake samo rubutu na gaba.

11/ Kafin in saki komai, sai na karanta shi da ƙarfi kamar Alhaji na zaune gabana a ofis. Duk jimlar da zan ji kunyar faɗa masa baki da baki, gogewa nake yi. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa.