Koyil, man shafawa ko gidan sauro: wa ke kai mu asuba?

Jama'a, damina ta yi nisa, kuma duk ɗan Ringim ya san abin da ke biyo baya. Kogin Haɗeja na gefenmu, fadamun shinkafa sun cika, ga kududdufai a unguwanni. Gardamar da ake yi a gidaje ita ce wanne ya fi: koyil, man shafawa ko gidan sauro. Ni a ganina agogo ya kamata a duba.

Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya macen wani jinsi ce, kuma ta fi cizo daga wajen ƙarfe 10 na dare zuwa asuba. Ba ta cika surutu ba. Mai kukan nan a kunne tun magariba yawanci sauron kwata ne. Shi ya sa "ai jiya ban ji sauro ba" ba hujja ba ce.

To mu ɗauki gida irin namu: Umma da jaririya a ɗaki, ƙannena uku, Baba a turakarsa.

Koyil guda yakan ci awa 6 zuwa 8 in iska ba ta kaɗa shi. Ka kunna bayan sallar isha'i, wajen ƙarfe 2 zuwa 4 ya zama toka. A lokacin kowa ya yi nisa a barci, sauro kuwa bai tashi aiki ba. In ma ya kare wajen raba shi da ɗan'uwansa, ko ya sha sanyin damina ya mutu a hanya, ba mai sani sai da safe.

Kuma yana da wata matsala. In ka buɗe taga, hayaƙin ya fice. In ka rufe, yara su kwana suna shaƙa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya auna ƙurar hayaƙin koyil guda, ya samu ta kai ta karan sigari 75 zuwa 137. Ba wai gubarsu ɗaya da taba ba, amma ka yi tunanin ƙirjin jaririya ko mai asma. Ga haɗarin wuta in ya kusanci katifa ko labule.

Kuɗin ma ba ƙarami ba ne. Ɗaki uku, guda ɗaya kullum, daga Yuli zuwa Oktoba, kusan koyil 370 ke nan.

Man shafawa irin su Odomos yana aiki, amma inda ka shafa kawai, kuma na 'yan awanni. Gumi na wanke shi, alwala na wanke shi. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, ba a sa wa yaro a tafin hannu don baki zai kai. Wa zai tashi ƙarfe biyu ya sake bi wa yara uku da mai?

Amfaninsa na nan tsakanin magariba da kwanciya: hira a tsakar gida, makarantar dare, ni da nake karatu a waje saboda zafi. A nan gidan sauro bai da ta cewa.

Gidan sauro mai magani kaɗai ne ke kaiwa asuba ba tare da kowa ya farka ba. Katanga ne, kuma sauron da ya sauka a kansa yana kwasar magani. Ko a inda sauro ya fara jure maganin, katangar tana nan muddin ba huji.

Sai dai mu muke kashe shi da hannunmu. Sabo, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, in ba haka ba fuska ta yi ta raɗaɗi, a ce "ba ya karɓa ta", a mayar da shi shingen lambu. Wanki da sabulu mai sauƙi, ban da bilic, shanya a inuwa. An yi shi ne ya jure wanki kusan 20, ko shekara 3.

In kana son sanin ko naku na aiki, duba shi da asuba. Ka ga sauro a ciki, cikinsa ja? Akwai huji, ko ba a cusa bakin a ƙarƙashin katifa ko tabarma ba. Cizo a gwiwar hannu ko ƙafa kaɗai kuwa yana nufin yaro na jingina da ragar. Mutum biyu ake lissafa wa guda, mu kuma sai mu zuba yara huɗu.

Ƙorafin zafi gaskiya ne, ban musa ba. Baba ya ce min, "Kai, ni ba zan kwana a buhu ba." Na ce, "Baba, to a fitar da buhun waje." Ƙusa biyu a bango, sanda biyu a bokitin yashi, muka ɗaura masa a tsakar gida. Ranar da hadari ya taso a kwance a koma ɗaki.

In ragar ba ta isa kowa ba, mai ciki da 'yan ƙasa da shekara 5 ne farko. Kuma maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a damina bai maye gurbinta ba, Umma ta karɓa, a kuma ɗaura raga.